Sabunta ɓangare ko sake loda komai: yadda dashbod ɗin wani kamfanin kantuna ya riƙa nuna cinikin da ba daidai ba ba tare da ya ba da alamar kuskure ba

Asalin lamarin, zuwa Janairun 2024

Kamfanin yana da manyan kantunan kayan masarufi goma sha huɗu a garuruwa daban-daban, yana sayarwa ɗai-ɗai, yana kuma ba 'yan sari kaya bashi. Kowace na'urar karɓar kuɗi tana tura cinikinta zuwa rumbun bayanai na SQL Server da ke hedikwata, inda kowane kaya da ya fito a rasit yake zama layi guda a babban teburin ciniki. Daga wannan teburin ne dashbod ɗin Power BI yake ɗaukar bayanai ta manhajar On-premises data gateway, wadda ke haɗa rumbun kamfani da sabis ɗin Power BI na intanet, a kan lasisin Pro.

A ƙarshen Janairu teburin na da layi kusan miliyan 38, waɗanda suka taru tun daga farkon 2021, kuma ana ƙara kimanin layi 45,000 a kullum, wato miliyan 1.35 a wata. Girman ba ya tsalle, yana hawa ne a hankali kuma ba ya sauka. Kullum da asuba ana sake loda teburin gaba ɗaya: a jawo kowane layi daga rumbu, a gina sabon kwafi, a maye gurbin na jiya da shi. Lodin yana cin minti 100 idan rumbun yana hutawa.

Lasisin Pro yana yanke duk sabuntawar da ta wuce awa biyu. A ranakun da sashen akanta ke tattara rahoton ƙarshen wata, rumbun yakan yi nauyi, gudun karatu ya faɗo daga layi 380,000 a minti zuwa wajen 300,000. A wannan gudun layi miliyan 38 na bukatar minti 127. Sau uku a makon ƙarshe na Janairu lodin ya yanke. Abin lura shi ne yadda ya yanke: saƙon gazawa ya isa imel ɗin mai kula da dashbod, alƙaluman jiya suka ci gaba da zama yadda suke, kuma kowa ya san na jiya yake kallo.

Fabrairu: rage wa teburin nauyi

Matakin farko bai taɓa salon sabuntawa ba. An duba ginshiƙai 31 da ake jawowa, aka tarar rahotannin suna aiki da 12 kawai. Aka cire sauran, har da ginshiƙin bayanin kashiya mai dogon rubutu da lambar tantance kowane layi, waɗanda su suka fi cin wuri saboda kusan kowane layi nasa daban ne, injin matse bayanai ba ya samun abin da zai matse. Aka kuma raba ranar ciniki da lokacinsa gida biyu. Lodin ya dawo minti 70 a kan layi miliyan 39, wato kusan layi 560,000 a minti.

Da wannan gudun, sai teburin ya kai layi miliyan 67 kafin a sake cin karo da iyakar awa biyu, kuma a yadda yake girma hakan zai ɗauki wajen wata ashirin. Da a ce lodi ɗaya a rana ya wadatar, da maganar ta tsaya nan har zuwa ƙarshen 2025. Sai dai manajojin rassa sun nemi ganin ciniki sau uku a rana: da safe, da azahar da kuma yamma. Pro ya yarda da sabuntawa takwas a rana bisa jadawali, don haka adadin ba matsala ba ne. Matsalar ita ce karanta layi miliyan 39 na tsawon minti 70 da tsakar rana daga rumbun da na'urorin kantuna ke rubutu a cikinsa. An gwada sau ɗaya da azahar, turo ciniki daga rassa ya tsaya cak har lodin ya ƙare.

11 zuwa 14 ga Maris: kunna sabunta ɓangare

A Power BI ana kunna wannan tsari ne da sigogi biyu masu suna RangeStart da RangeEnd. Dole a rubuta su daidai haka, da manya da ƙananan baƙaƙensu, kuma nau'insu ya zama Date/Time. Ana tace teburin da su, sannan a shiga Incremental refresh a faɗi tsawon tarihin da za a ajiye da tsawon abin da za a riƙa sabuntawa. Kamfanin ya zaɓi ajiye shekara biyar da sabunta kwana uku. Daga nan manhajar da kanta take yanyanka teburin zuwa yankuna: tsofaffin shekaru kowace yanki guda, sai rubu'in shekara da ya cika, sai watanni, sai ranakun watan da ake ciki. Lodin farko yana cika dukkan yankunan. Bayan shi, yankunan kwana ukun ƙarshe kaɗai ake sake karantawa, sauran kuma su zauna yadda aka loda su.

Lodin farko na ranar 11 ga Maris ya ci awa biyu ya yanke. Da aka duba tambayoyin da suka isa SQL Server, babu ko ɗaya mai ɗauke da WHERE a kan rana. Dalilin shi ne wani tsohon mataki na Table.AddIndexColumn da ke gaban matakin tacewa. Power Query, ɓangaren Power BI da ke jawo bayanai, ba ya iya mayar da wannan matakin zuwa SQL, kuma da zarar ya kasa mayar da mataki ɗaya, duk waɗanda suka biyo baya a na'urar gateway ake yin su. Wato kowane yanki, cikin kusan ashirin, sai ya jawo teburin ɗungurungum sannan ya zubar da abin da ba nasa ba. Hanyar ganewa tun kafin a wallafa ita ce danna dama a kan matakin tacewa a ga ko View Native Query yana buɗuwa ya nuna WHERE ɗin. An cire matakin, aka matso da tacewa ta zama ta farko bayan zaɓen tebur, aka sa wa ginshiƙin rana fihirisa a rumbu.

Lodi na biyu ya kammala, amma da safiyar 13 ga wata cinikin kowace rana ta Maris ya fito ninki biyu. An rubuta tacewar da alamar daidai a duka ɓangarorin biyu, >= da <=. Tunda an raba rana da lokaci a Fabrairu, duk layin ranar 6 ga Maris yana ɗauke da ƙarfe 00:00 daidai. Yankin ranar 5 yana ƙarewa ne a 00:00 na ranar 6, yankin ranar 6 kuma daga nan yake farawa, sai kowane layi ya shiga duka biyun. A tsofaffin watanni ranar 1 ga wata kawai ta ninku, abin da zai iya shekara ba a lura da shi ba. Daidai rubutun shi ne:

```
Table.SelectRows(Sales,
  each [SaleDate] >= RangeStart
   and [SaleDate] <  RangeEnd)
```

Ranar 14 aka sake wallafawa aka loda komai. Daga nan kowace sabuntawa tana karanta layi kimanin 135,000, tana gamawa cikin minti huɗu. Sabuntawa uku a rana ta fara tafiya, kuma wata guda cur babu gazawa ko ɗaya a tarihin sabuntawa.

16 ga Afrilu: lissafin akanta ya saɓa da na dashbod

Sashen akanta yana rufe littafin kowane wata ranar 15 ga watan da ya biyo. Washegari suka fitar da cinikin Maris: naira biliyan 2.316. Dashbod yana nuna biliyan 2.341. Tazarar miliyan 25 ce, kaɗan ta ɗara kashi ɗaya cikin ɗari, kuma an riga an lissafa kamashon manajoji uku da alƙaluman dashbod.

An fitar da jimillar kowace rana da kowane reshe daga ɓangarorin biyu aka jera su kafaɗa da kafaɗa. Tazarar ta rabu gida uku, kowanne da nasa dalilin.

Na farko cinikin da ya makara ne. Rassa biyu suna fama da katsewar intanet. Idan layinsu ya yanke, na'urar tana ajiye ciniki a cikinta har sai ya dawo. Ɗaya daga cikinsu ya yi kwana shida a yanke, daga 18 zuwa 23 ga Maris. Cinikin ya iso rumbu ranar 24 ɗauke da ranakunsa na asali. A ranar 24 yankunan 22, 23 da 24 kaɗai ake sabuntawa, don haka cinikin kwana huɗu, daga 18 zuwa 21, ya zauna a rumbu bai taɓa hawa dashbod ba. Irin wannan ya kai miliyan 18 da dashbod ya rasa.

Na biyu gyaran farashi ne. 'Yan sari suna samun rangwame gwargwadon yawan abin da suka ɗauka a wata, kuma akanta suna shigar da shi ne a kan layukan asali bayan watan ya ƙare. Rumbu ya rage miliyan 11, dashbod yana riƙe da tsohon farashi.

Na uku, wanda ya fi girma, layukan da aka goge ne. Idan turowa ta yanke a tsakiya, na'urar takan sake turo rasit ɗin da ya riga ya shiga. Akanta suna gano irin waɗannan tagwayen lokacin rufe wata su goge su da DELETE. Miliyan 32 aka goge daga rumbu, suna nan daram a dashbod.

Ragin miliyan 11 da na 32, a cire ƙarin 18, shi ya ba da 25. Amma kuskuren da ke cikin alƙaluman na miliyan 61 ne. Wani ɓangarensa ya rufe wani ne kawai. A matakin reshe abin ya fi muni: reshen da intanet ɗinsa ya yanke ya bayyana kamar cinikinsa ya rushe na kwana huɗu, wani reshen kuma ya bayyana kamar ya zarce abin da aka ɗora masa. Duk waɗannan gyare-gyaren an saba yin su tun 2021. Ba a taɓa lura da su ba saboda lodin asuba yana kwashe su duka kullum, ba tare da kowa ya nema ba.

Don gyara Maris, hanyar da ke akwai a Pro ita ce sake wallafa fayil ɗin daga Power BI Desktop, manhajar kwamfuta da ake gina rahoton a cikinta, abin da ke share yankunan duka, sannan a yi lodin farko daga tushe. An yi shi da daddare, saboda tsakanin wallafawa da kammala lodi dashbod yana nuna ɗan guntun bayanan da ke cikin fayil ɗin ne kawai. Fayil ɗin asali shi ma dole a adana shi da kyau, don da zarar an kunna wannan tsarin ba a iya sauko da shi daga sabis ɗin.

22 zuwa 29 ga Afrilu: gyaran da bai yi ba

Teburin yana da ginshiƙi mai suna ModifiedAt, lokacin da aka taɓa layi na ƙarshe. Shawarar da ta zo a zuciya nan take ita ce a ɗaura RangeStart da RangeEnd a kansa maimakon ranar ciniki, don duk layin da aka gyara yau ya faɗo cikin yankin yau komai tsufansa. An yi hakan ranar 22 tare da sabon cikakken lodi.

Cikin mako guda jimillar Afrilu ta zarce ta rumbu. Ga abin da ke faruwa da layi guda. An sayar da katon ɗin mai ranar 23, layin ya shiga yankin 23. Ranar 28 aka gyara farashinsa, ModifiedAt ya koma 28, sai ya shigo yankin 28 da sabon farashi. Tsohon kwafinsa kuwa yana nan a yankin 23, domin wannan yankin ya riga ya fita daga kwana ukun da ake sabuntawa, babu mai sake karanta shi balle ya ga layin ya ƙaura. Power BI ba ya neman layi da lambarsa ya maye gurbinsa. Yanki yake zubarwa ya sake cikawa. Saboda haka ginshiƙin da aka yanyanka tebur da shi dole ya kasance wanda ba ya canzawa bayan an rubuta layi. Da teburin yana ɓangaren “ɗaya” na wata alaƙa, da maimaituwar lamba ta sa sabuntawar ta gaza an gani. Teburin ciniki kuwa yana ɓangaren “da yawa” ne, babu abin da ke hana maimaici, sai kuɗin ya ninku shiru. Maganar gogaggun layuka kuma wannan dabarar ba ta ko taɓa ta ba. Ranar 29 aka koma ranar ciniki.

An kuma gwada Detect data changes a kan tazarar kwana uku da tunanin zai kamo tsofaffin gyare-gyare. Bai kamo ba. Abin da yake yi shi ne duba mafi girman ƙimar ginshiƙin da aka ba shi a kowane yanki da ke cikin tazarar sabuntawa. Idan ƙimar ba ta motsa ba tun zuwansa na baya, sai ya tsallake yankin. Rage aiki yake yi a cikin tazarar, ba ya leƙa abin da ke bayanta.

Mayu: auna jinkiri kafin zaɓen tazara

Kwana ukun da aka zaɓa a Maris ba a auna shi da komai ba. A wannan karon an fara da tambayar rumbun kansa: kwana nawa ke shiga tsakanin ranar ciniki da taɓawar ƙarshe da aka yi wa layi?

```sql
SELECT DATEDIFF(day, SaleDate, ModifiedAt) AS Jinkiri,
       COUNT(*) AS Layuka
FROM dbo.Sales
WHERE SaleDate >= '2023-01-01'
GROUP BY DATEDIFF(day, SaleDate, ModifiedAt)
ORDER BY Jinkiri;
```

Kafin a yarda da amsar sai da aka gyara abu ɗaya. A layukan da suka makara, ModifiedAt yana ɗauke da agogon na'urar reshe ne, wato lokacin da aka buga rasit, ba lokacin da layin ya iso hedikwata ba. Irin wannan ginshiƙin yana ɓoye jinkirin da ake nema, kuma zai yaudari Detect data changes, tunda layi zai iya shigowa yau da lokacin makon jiya, mafi girman ƙima ba ta motsa ba. An mayar da shi rumbun hedikwata ne ke buga shi da agogonsa a duk shigarwa da duk gyara, aka cike na baya daga rajistar karɓar turowa.

Sakamakon ya nuna kashi 97 cikin ɗari na layuka ba a sake taɓa su bayan kwana uku. Kusan duk ragowar suna kammala canzawa kafin kwana 46. Wannan adadin yana da tushe a tsarin aikin kamfanin: cinikin 1 ga wata mai kwana 31 ana iya gyara shi har ranar 15 ga watan gaba, ranar rufe littafi. Bayan haka akwai ɗan tsiraru, layuka ɗaruruwa a shekara, da ake gyarawa wata huɗu ko shida daga baya, yawanci bayan binciken masu duba asusu.

Da wannan aka yi sauye-sauye huɗu. An faɗaɗa tazarar zuwa wata uku, wato watan da ake ciki da biyun da suka gabace shi. Wata biyu zai isa idan ana rufe littafi a kan lokaci, amma wani lokaci rufewar takan makara da fiye da mako biyu, kuma ranar 1 ga wata tsohon watan yake ficewa daga tazara ko an rufe shi ko ba a rufe ba. Akwatin saitin yana rubuta ranakun da zai sabunta a ƙasa, kuma su aka karanta aka tabbatar. Layukan wata uku wajen miliyan huɗu ne, karatun minti bakwai zuwa takwas. A nan ne Detect data changes ya yi amfani, a kan ModifiedAt: a yawancin ranaku watan da ake ciki kaɗai yake motsi, sai a tsallake sauran biyun.

Sauyi na biyu ya shafi gogewa. Layin da aka goge ba ya barin wata alama da za ta ɗaga mafi girman ModifiedAt, don haka yanki zai iya rasa layi dubu kuma a tsallake shi a matsayin wanda bai canza ba. An hana DELETE a teburin. Yanzu ana sa ginshiƙin IsDeleted, alamar cewa an goge layi, ya zama 1, ModifiedAt ya motsa. An bar waɗannan layukan suna hawa dashbod, ma'aunan ciniki ne suke cire su wajen lissafi. Ba a tace su a Power Query ba, don kada layin da ya kamata ya sanar da canjin ya ɓace kafin a duba shi.

Na uku shi ne ƙananan teburori: kaya, rassa, abokan ciniki da kalanda. Mafi girmansu layi 60,000 ne, kuma su ne ake yawan gyara wa tsofaffin layuka. An bar su a kan cikakken lodi kowane zuwa. An kuma ciro sunan rukunin kaya daga teburin ciniki, inda aka liƙa shi a kowane layi, aka mayar da shi teburin kaya. Da an bar shi, ranar da aka sauya wa wani kaya rukuni, watanni ukun ƙarshe za su ɗauki sabon suna, shekarun baya su riƙe tsoho, kaya ɗaya ya rabu gida biyu a rahoto.

Na huɗu shi ne teburin tantancewa. Ƙaramar tambaya ce da ke sa SQL Server ya ƙirga layuka ya kuma tara kuɗin kowane wata tun 2021, layi arba'in da 'yan kai, ana loda ta gaba ɗaya a sabuntawar safe. Wani shafi a dashbod yana jera wannan da abin da ke cikin yankunan, duk watan da suka saɓa ko da layi ɗaya ne ya yi ja. Ana kwatanta adadin layi da kuɗi duka, tunda gyaran farashi ba ya canza adadin layi, kuma kuskure biyu na iya rufe juna a kuɗi kamar yadda aka gani a Maris. Ana yanke hukunci a kan rufaffun watanni ne kawai, domin watan da ake ciki yana motsi tsakanin karatu biyun.

Saura tsirarun gyare-gyaren da ke zuwa bayan wata uku. A Pro maganinsu ɗaya ne, sake wallafawa da loda komai cikin awa biyu, kuma wannan ƙofar tana ƙara tsukewa kowane wata. Kamfanin ya koma Premium Per User, wanda ya sa dole duk mai kallon dashbod ɗin ya samu irin lasisin. Abin da aka samu shi ne iyakar awa biyar da kuma mashigar XMLA, wadda ke ba da damar sake loda yanki guda daga SQL Server Management Studio:

```json
{ "refresh": {
    "type": "full",
    "applyRefreshPolicy": false,
    "objects": [ { "database": "Ciniki",
      "table": "Sales", "partition": "2024Q1" } ] } }
```

Sa applyRefreshPolicy ya zama false yana hana manhajar bin dokar tazara, sai ta loda abin da aka nuna mata. Idan aka cire layin partition, teburin duka take lodawa ba tare da rushe yankunan ba.

Yuni zuwa Satumba: abin da ya biyo baya

Sabuntawar rana tana ɗaukar minti uku zuwa biyar, tana kai tara a makonnin rufe wata. A rufewar Mayu, Yuni, Yuli da Agusta lissafin akanta da na dashbod sun zo daidai. A Yuli shafin tantancewa ya yi ja a kan Fabrairu: layi 212 da aka gyara bayan binciken asusu. An loda yankin 2024Q1 kaɗai, wato Janairu zuwa Maris, layi kusan miliyan huɗu, cikin minti takwas.

A Agusta an sauya yadda ake lissafin ribar kowane layi a tambayar da ke jawo bayanai. Teburin tantancewa ba zai kama wannan ba, domin adadin layi da kuɗin ciniki ba su canza ba. Tsofaffin yankuna ne kawai za su ci gaba da riƙe tsohon lissafi. An tura sauyin da ALM Toolkit, manhajar da ke tura sauyin tsari kawai, don kada a rushe yankuna, aka bi shi da cikakken lodi a daren. An kuma sa cikakken lodi a jadawali sau ɗaya a wata, daren Asabar ɗin da ta biyo bayan rufe littafi. A ƙarshen Satumba, da layi kusan miliyan 49, yana cin minti 90.

Hukunci

Hanyoyin biyu suna lalacewa ne ta fuska daban, kuma da wannan ya kamata a auna amincinsu. Cikakken lodi a Janairu ya gaza a fili, da saƙo, ya bar tsofaffin alƙaluma masu daidaito da juna. Sabunta ɓangare a Maris ya yi nasara sau casa'in da wani abu a jere alhali alƙaluman suna nesanta da rumbu. Alamar nasara a tarihin sabuntawa tana nufin an karanta yankunan da aka ce a karanta, ba ta cewa komai game da sauran.

Cikakken lodi ya fi aminci matuƙar yana gamawa cikin kusan rabin lokacin da aka yarda masa, kuma rumbun yana iya ɗaukar nauyinsa a lokacin da ake bukata. Shi ne daidai ga ƙananan teburori, ga bayanan da ake gogewa kai tsaye, ga tushen da ba shi da amintaccen lokacin gyara ko wanda ba ya karɓar tacewa, da duk lokacin da aka sauya ginshiƙi ko lissafi. A wannan lamarin, rage ginshiƙai kaɗai ya sayo wata ashirin. Bukatar sabuntawa sau uku a rana ce ta sa ya daina wadatarwa, ba girman teburin ba.

Sabunta ɓangare ya zama mafi aminci ne bayan lodin ya matso kusa da iyaka ko ya fara danne rumbun da ake ciniki da shi, kuma da sharuɗɗan da aka cika a Mayu: ranar yanyankawa ba ta canzawa, an auna jinkiri an zaɓi tazarar da ta zarce shi, gogewa tana barin alama, akwai tantancewa ta wata-wata, akwai kuma hanyar sake loda tsohon yanki da aka gwada aka ga tana aiki. Kuskuren Maris bai kasance zaɓen wannan hanyar ba. An kunna ta ne kafin a tambayi sashen akanta ranar da wata yake daina canzawa, tambayar da amsarta, 15 ga watan gaba, take a wurinsu tun farko.

Abu ɗaya ya rage a jadawalin kamfanin. Dokar ajiye shekara biyar tana zubar da yankin shekarar da ta fi tsufa da kanta idan lokacinsa ya cika, ba tare da sanarwa ba, don haka an rubuta a sake duba wannan adadin kafin 2021 ta kai bakin fita, a kuma daidaita teburin tantancewa da duk abin da aka yanke.